"Za mu duba" na Bajapane da "albarka" na Alhaji: yadda ake fassara ƙin da ba a furta ba

Assalamu alaikum, Malam. Ni ne mai rubuta wa maigidana Alhaji saƙonni da fassara masa su, muna harkar riɗi a Dawanau. Wani kamfani a Japan ya ba mu amsa kamar haka: "Mun gode da tayinku. A halin da ake ciki wannan farashin yana da ɗan wuya. Za mu duba a cikin gida, idan an samu ci gaba mu za mu tuntuɓe ku." Na ce wa Alhaji suna dubawa, ya riƙe kaya na kwantena biyar har mako uku, shiru kake ji. Ni na yi kuskure? Kuma idan Alhaji ya ce "albarka" ko "sai mun yi shawara", yaya zan rubuta musu?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kalmomin ka fassara su daidai, amma saƙon bai isa wurin Alhaji ba. Mutanen nan sun ce a'a tun ranar farko, kuma a nasu ganin sun faɗe ta ƙarara, ba su ɓoye komai ba. Na yi shekaru ina tafinta tsakanin 'yan kasuwarmu da Japanawa, ni ma na faɗa wannan ramin, har na faɗa kishiyarsa, wanda zan ba ka labarinsa a gaba.

Ko da saƙon da Turanci ya zo muku, da Japananci aka yi tunaninsa, kuma kowace jimla a cikinsa tana da uwarta a can. "Yana da wuya" shi ne muzukashii. A bakin ɗan kasuwar Japan wannan kalma ba bayanin wahala take yi ba, yawanci ita ce hanyar cewa ba zai yiwu ba. Idan kana zaune da mutum ya faɗe ta, sau da yawa za ka ji ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya ɗan karkatar da kai. A rubuce babu wannan, kalmar kaɗai ta rage. Shi kuma "ɗan" da ka gani a gabanta, wato chotto, bai rage ƙarfin ƙin ba ko kaɗan. Aikinsa rage zafi ne, kamar yadda za ka ce wa baƙo "ɗan dakata" alhali ka san sai la'asar maigida zai fito. Kai kuwa da ka ji "ɗan wuya" sai kunnenka na Bahaushe ya ji "a ɗan rage mana", domin a kasuwarmu wanda ya ce kaya sun ɗan yi tsada bai tashi ba tukuna, zama ma ya gyara.

"Za mu duba" shi ne kento shimasu, kuma ita ce mai fuska biyu. Tana iya zama gaskiya, tana iya zama sallama cikin mutunci. Ita kaɗai ba a yanke hukunci da ita. Jimlar ƙarshe ce ta rufe ƙofar: idan an samu ci gaba, mu za mu tuntuɓe ku. Lura da abin da ta ƙunsa. Babu rana, babu sunan wanda zai duba, ba su roƙe ku komai ba, kuma sun karɓe maganar daga hannunku sun ce su ne za su neme ku. Da a Dawanau ne, wannan daidai yake da mai saye ya damƙi riɗin ya mayar cikin buhu, ya kakkaɓe hannu, ya ce "Allah ya kawo kasuwa". Babu dillalin da zai ji haka ya ce wa mai kaya ya ɗaure buhuna ya jira.

Saboda haka abin da nake fara nema a irin wannan saƙo shi ne mataki na gaba: wa zai yi me, kuma yaushe. Kalmomin ladabi kusan iri ɗaya ne a saƙon mai so da na wanda ya haƙura, bambancin yana cikin aikin da aka ba ka. Mai sayen riɗi a Japan da yake dubawa da gaske ba ya barin ka ka huta. Zai nemi samfur, zai nemi takardar gwaji, zai tambayi yawan mai da danshi da datti, zai tambayi a wace jiha aka noma, Jigawa ko Binuwai ko Nasarawa, da watan da za a ɗora kaya a jirgi. Musamman zai matsa a kan ragowar maganin ƙwari, domin tun 2006 dokar abinci ta Japan ta sa duk maganin da ba a yanke masa iyaka ta musamman ba kada ya wuce kashi 0.01 cikin miliyan, kuma idan kaya suka faɗi gwaji a tashar jirgi, shi ne zai sha kunya da asara. Wanda yake shirin sa hannu a irin wannan haɗari yana da tambayoyi fal a bakinsa. Saƙon da kuka samu ko ɗaya ba shi da ita.

Akwai kuma jimlar da babu tantama a kanta, ka riƙe ta: konkai wa miokurasete itadakimasu. Asalin kalmar miokuru rakiya ce, ka tsaya kana kallon baƙo har ya ɓace. Wato wannan karon mun raka tayinku da ido. Idan sun mayar da ita Turanci takan fito kamar "za mu tsallake wannan karon" ko "muna fatan wata dama nan gaba". Wannan ka ce wa Alhaji kai tsaye sun ce sai wani jiƙon.

Yanzu ga kishiyar ramin. Wata shekara na karanta wa wani maigida saƙo mai kento shimasu a ciki, a ƙarshen watan Afrilu. Aka yi kwana goma shiru. Ni da na riga na ƙone a baya sai na ce masa sun ƙi, ya sayar da kayan ga wani. Bayan 'yan kwanaki sai ga saƙo da tambayoyi shafi guda da buƙatar samfur. Abu biyu na manta. Na farko, ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu hutu ne mai tsawo a Japan, ofisoshi da yawa a rufe suke, kamar yadda suke rufewa a tsakiyar Agusta da kwanakin sabuwar shekara. Na biyu, a saƙon nasu akwai rabin jimla da na raina: sun ce za su kai maganar ga sashen kula da inganci. Wannan suna ne na wuri, kuma mataki ne. A manyan kamfanoninsu wanda yake rubuto maka ba shi da ikon cewa e shi kaɗai. Takarda ce take zagayawa daga tebur zuwa tebur, kowane shugaban sashe ya buga hatiminsa, tsarin da suke kira ringi, kuma yakan ci makonni. Ga shi shekarar kuɗinsu a yawancin manyan kamfanoni tana ƙarewa 31 ga Maris, a Afrilu ake sauya wa ma'aikata kujeru, sai ka ga wanda kuka saba da shi an mayar da shi wani sashe. Laifina a ranar ba rashin sanin kalma ba ne. Zato na yi, na miƙa wa maigida shi a matsayin abin da aka faɗa.

Daga nan na sauya yadda nake kai saƙo, kuma shi nake so ka ɗauka. Ina raba bakina biyu, in sa mai kaya ya ji rabuwar. Da farko in ba shi abin da suka ce, da laushinsa da komai, ba ƙari ba ragi. Sannan in ce, "Wannan nasu ne, ga nawa," in faɗi yadda na fahimce shi da dalilina da kuma iyakar tabbacina. Da ni ne a kujerarka, ga abin da Alhaji zai ji: "Ranka ya daɗe, sun yi godiya, sun ce farashin yana da wuya a wurinsu, za su duba, su za su neme mu. Iyakar maganarsu ke nan. A fahimtata wannan 'Allah ya kawo kasuwa' ce, don ba su sa rana ba, ba su nemi samfur ba, ba su taya ba. Kashi mafi yawa sun haƙura. Shawarata kada a riƙe kaya dominsu, amma a bar ni in taɓa su sau ɗaya." Da wannan ka fita haƙƙin kowa. Ba ka sa wa Bajapane a'a a bakin da bai furta ta ba, ba ka kuma bar Alhaji ya ɗaure kwantena biyar ɗin nan, tan 95, a sito yana jiran wanda ya riga ya tafi ba. In ya zaɓi ya jira duk da haka, da idonsa a buɗe ya jira.

Wasu masu fassara suna ganin wannan shisshigi ne, wai tafinta bututu ne kawai, abin da ya shiga shi zai fita. A kotu akwai hujjar wannan ra'ayi. A ciniki kuwa, idan kai ne ma'aikacin ɓangare ɗaya, an ɗauke ka ne don maigida ya ji abin da zai ji da shi ma ɗan can ne. Masu wannan sana'a suna yawan ba da labarin ganawar Shugaba Nixon na Amurka da Firaminista Sato na Japan a watan Nuwamban 1969, lokacin da Amurka take so Japan ta rage tufafin da take shigar mata. Yadda ake ba da labarin, Sato ya ce zensho shimasu, aka fassara da "zan yi iyakar ƙoƙarina", Nixon ya ɗauka alkawari ne, alhali a bakin ɗan siyasar Japan kalmar ba ta ɗaure kowa. Rikicin tufafin dai ya ja har 1971. Ka ga ko a can sama ƙaramar kalma ce take jawo shi.

Taɓawar da na ce a yi sau ɗaya tana da ƙa'ida. Kada ka rubuta "ku gaya mana e ko a'a". Ka matse mutumin da duk tarbiyyarsa ta hana shi furta a'a, sakamakon shi ne ko ya sake turo maka wani "muna dubawa", ko ya daina amsawa ɗungurungum. Buɗe masa ƙofar fita za ka yi, yadda shirunsa ma zai zama amsa. Misali: "Mun gode da kuka ba tayinmu lokaci. Za mu iya riƙe muku kayan har ranar 20 ga wata. Idan ba mu ji daga gare ku ba kafin nan, za mu fahimci wannan karon bai dace da tsarinku ba, kuma muna fatan wata dama. Idan da wani sharaɗi da zai sauƙaƙa muku, farashi ne ko inganci ko watan ɗora kaya, za mu so mu ji." Tambayar ƙarshen ita ce ƙugiya. Ba ta ce za ku saya ko ba za ku saya ba, ta ce mene ne ya tsaya, kuma wannan yana iya amsawa ba tare da ya ji ya ci fuskar kowa ba. In ya dawo da lamba, ciniki na da rai. In ya dawo da godiya zalla, an gama. Abu ɗaya: kada ka ƙirƙiro wani mai saye na ƙarya don ka tsorata su. Japan kusan duk riɗin da take ci daga waje take shigo da shi, masu sayensa kuwa ba su da yawa kuma sun san kasuwar, ƙaryar ba ta daɗewa.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda a ganina ya fi wuya, domin mutane suna zaton tunda mu da su duk masu kara ne da kawaici, za mu fahimci juna cikin sauƙi. Ba haka ba ne. Kowa da inda yake ajiye alkunyarsa. Ɗauki "albarka". A ce Alhaji ya sa suna dala 1,700 kan kowane tan, suka taya 1,580, ya turo maka saƙon murya: "Ka ce musu albarka, riɗin bana ya yi tsada, kuma mu ba ma so mu ɓata da su." Albarka ƙi ce, amma ƙin lamba ce kawai. Ma'anarta ƙara, ina nan zaune. Idan ka nemi kalma mai taushi ka rubuta wa Bajapane "wannan farashin yana da wuya a gare mu", ka ba shi muzukashii ɗinsa, zai karanta ta yadda shi yake nufinta, ya yi godiya ya janye cikin ladabi. Alhaji yana jiran a ƙara, shi kuma yana ganin an sallame shi. Tazarar dala 120 ce a tan, wato 11,400 a kan tan 95, abin da mai yiwuwa da an raba biyu an daidaita, amma ciniki ya mutu saboda ladabi ya haɗu da ladabi.

Don haka albarka ba ta tafiya ita kaɗai. Dole ka fito da rabin da Bahaushe yake bari a ciki, wato gayyatar. Sai ka rubuta godiya, ka kawo dalilin da Alhaji ya bayar, ka ce 1,580 ba za ta ɗauke kuɗin saye da tankaɗe da kai kaya Legas ba idan haka ne gaskiyar, sannan ka faɗa a fili cewa kuna so a ci gaba da magana, ka kuma ajiye wani abu a tebur. Wannan abin kuwa ba kai za ka ƙirƙiro shi ba. Koma wurin Alhaji ka tambaye shi: "Ranka ya daɗe, in na ce albarka kawai za su ɗauka mun rufe. In sa musu lamba, ko in ce su sake tayawa?" In ya ce sa 1,660, ka sa. In ka san a zuciyarsa zai sallama a 1,620, wannan sirrinsa ne, ko da alama kada ya fito a rubutunka. Na ga masu fassara da son a daidaita ya sa suka ƙara "amma akwai sauran magana sosai" daga aljihunsu, suka karya wa maigidansu farashi ba su sani ba.

"Sai mun yi shawara" kuwa ita ce kento shimasu tamu, fuska biyu gare ta, kuma kai ka fi kowa sanin wadda Alhaji yake nufi. Idan da gaske zai tuntuɓi abokin haɗin jarinsa, ka sa rana: za mu ba ku amsa ranar Alhamis. Idan kuwa ƙi ne yake jin nauyin furtawa, to ga Bajapane kana iya barinta da laushinta, ka cire rana, ka rufe da fatan wata dama, zai gane sarai. Amma wannan rubutun kada ka tura shi ga Bajamushe ko ɗan Holan. Su idan aka ce za a yi shawara, rubutawa suke yi a kalanda, bayan mako su tambaye ka sakamako, in ka sake kewayawa su ɗauke ku marasa tsayayyar magana. A wurinsu a'a tana zuwa a jimlar farko ko ta biyu, da dalili ɗaya, da abin da za ku iya. Haka idan nasu ya zo, "wannan farashin ba karɓaɓɓe ba ne, iyakarmu kaza", ka sanar da Alhaji cewa ba faɗa ba ne, haka suke magana da kowa, sau da yawa ma wanda ya rubuta hakan yana nan bai tashi ba. Kada dai ka jiƙa maganar har lambar da wa'adin su narke.

Game da "in sha Allah", wadda na san za ta zo maka kullum: Musulmi yana faɗinta a kan abin da ya ƙudura da gaske, kuma a bakin mutane takan fito a kan abin da ake fata kawai. Wanda ba Musulmi ba bai iya rarrabewa, in kuma ka mayar da ita "muna fata" ka raunana alkawarin da Alhaji ya ɗauka da ƙarfi. Ni tambaya ɗaya nake yi kafin in rubuta: kayan suna sito, ko suna ƙauye ba a tattaro ba? In suna sito an tankaɗe, sai in rubuta za mu ɗora kaya ranar kaza, a tsaye. In ba a tattaro ba, sai in rubuta muna sa ran ɗorawa a mako na kaza, za mu tabbatar ranar kaza. Idan Alhaji yana so kalmar ta bayyana, a bar ta kusa da ranar, ba a madadinta ba. Da masu saye na Turkiyya ko Dubai ba ka da wannan damuwar sosai, sun san ta, su ma suna faɗinta.

Duk wannan sassauci yana ƙarewa a bakin takardar yarjejeniya. Yawa, farashi, inganci, watan ɗora kaya, yadda za a biya, waɗannan ba a fassara su da kara. In ka ga "za mu yi ƙoƙari" ta shigo cikin sharaɗin biya, tsaya ka nuna wa Alhaji ita da yatsa kafin ya sa hannu. Kuma kada ka mayar da abin da na faɗa doka a kan kowane Bajapane. Wanda ya yi shekara goma yana sayen kaya a Afirka yakan rubuta a'a ƙarara da lamba a gefenta. Bayan saƙo biyar ko shida za ka san salon mutuminka, daga nan da nasa ma'aunin za ka auna shi. Ni ina da littafi da nake rubuta jimlar da kowane mai saye ya yi amfani da ita da abin da ya biyo baya, kuma ya fi min amfani a kan duk wani ƙamus.

Na yanzu kuwa, mako uku sun riga sun wuce. Ka je wurin Alhaji yau ka gaya masa ka sake karanta saƙon, ka fahimci sallama ce, a saki kayan ga duk wanda ya taya da kyau. Saƙon taɓawar ka tura shi duk da haka, da wa'adin mako guda, amma ka cire maganar riƙe musu kaya, ka mayar da shi tambaya a kan sharaɗin da suke so a kakar gaba. Ka tura da dare, don Japan ta riga mu da awa takwas, ya zama yana cikin na farko da zai gani in ya zauna da safe.